Birkin da Ya Shanye a Hawan Kibo Alhali Man Bai Ragu Ba

Motar haya ce mai cin mutum bakwai, 'yar Kwatano, tana jigila tsakanin Jos da Abuja ta hanyar Akwanga. Wata rana a tsakiyar Agusta ta taso daga Jos cike da fasinja, bayanta kuma an danƙara buhunan dankali da kabeji. A gangaren Hawan Kibo, can wajen ƙarshensa, direban ya ɗan ɗaga ƙafa daga birki, ya sake takawa, sai feda ta tafi har ƙasa ba ta kama komai ba. Ya yi ta buga ta da sauri har ya samu ɗan kamu, ya danna giya ta biyu, ya haɗa da birkin hannu a hankali, Allah ya taimake shi ya samu wurin ratsewa. Babu wanda ya ji ciwo.

Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne abin da ya biyo baya. Ya buɗe gaban mota ya tarar man birki yana nan kusa da layin MAX. Ya leƙa bayan tayoyi huɗu, babu ɗigo ko ɗaya. Bayan kamar rabin awa ya koma ya taka, birki ya dawo daram kamar ba abin da ya faru. Direbobin da suka tsaya yi masa jaje duk bakinsu ya zo ɗaya, cewa masta, wato famfon da feda ke dannawa ya tura man birki zuwa tayoyi, ita ce ta fara mutuwa. Da wannan maganar ya lallaɓo motar zuwa garejinmu.

"Oga, masta nake so a canza mini, ba na son in sake ganin abin da na gani."

"To Malam, za mu duba ta. Amma yaushe rabonka da canza man birki?"

"Canzawa kuma? Ai motar nan ba ta shan man birki. Shekara huɗu tana hannuna, sau biyu kawai na ɗan ƙara mata."

Wannan amsa ita ce ta nuna mana inda za mu dosa, amma sai da muka bi sauran abubuwan da ake zargi ɗaya bayan ɗaya.

Abin da bincike ya nuna

Birki yana da hanyoyin gazawa da yawa, kuma ƙafar direba tana jin kowace daban. Idan yoyo ne, mai zai ragu a kwano, za a ga jiƙa a jikin tiyo ko bayan taya, kuma birkin ba zai dawo don kansa ba. Idan iska ce ta shiga layi, feda tana da laushi kullum, da sanyi da zafi. Idan robar cikin masta ce ta cinye, za ka taka ka riƙe sai feda ta riƙa nutsewa a hankali, ko da safe ne mota ba ta je ko'ina ba. Idan fad ne ya yi zafi fiye da ƙima, feda tana nan da tauri, ana jin ƙauri, amma mota ta ƙi tsayawa. Sai kuma na ƙarshe, wanda feda ke tafiya ƙasa gaba ɗaya bayan doguwar takawa, sannan ta dawo da kanta idan ƙarfe ya huce. Wannan alamar man birki ce da ya tafasa.

Mun kashe inji, muka buga feda har ta yi tauri, muka danne ta tsawon minti guda. Ba ta motsa ba, wato masta lafiyarta ƙalau. Muka cire tayoyi. Fad na gaba ya ci fiye da rabi amma bai ƙare ba, dis ɗin gaba kuma ya yi shuɗi shuɗi, shaidar ya sha wuta. Tiyoyin roba ba su kumbura ba, ba su tsage ba.

Sai muka ɗauko abin gwajin ruwa, wannan mai kama da biro wanda ake tsoma bakinsa a cikin mai fitilu su kama. A kwanon masta ya nuna kashi 2 cikin ɗari. Wanda ya tsaya a nan zai ce man yana da sauran amfani. Muka je kalifar gaba, wato ƙarfen da ke matse fad a jikin dis, muka kwance nifil ɗinta, ɗan bakin da ake cire iska ta nan, muka tsiyayi kaɗan a murfi mai tsabta. Man da ya fito baƙi ne mai ratsin kore, kuma da muka tsoma abin gwajin duk fitilun suka kama har ta ƙarshe, ta kashi 4, wadda daga ita babu wata. Mota ɗaya, layi ɗaya, amma man da ke sama da wanda ke ƙasa kamar ba daga kwano ɗaya suka fito ba.

Dalilin wannan bambanci shi ne man birki ba ya zagayawa kamar baƙin mai. Idan ka taka, yana matsawa gaba kaɗan. Idan ka saki, ya dawo. Wanda ke cikin kalifa zai iya shekaru yana nan inda yake. Ƙarin da direban ya yi sau biyu kwanon sama kawai ya sabunta, man da ke aikin a bakin wuta bai san an yi ba.

Daga ina ruwan ya shigo?

Man birkin da kusan duk ƙananan motoci ke amfani da shi, wato mai lamba DOT 3 ko DOT 4 ko DOT 5.1, ba dangin fetur da baƙin mai ba ne. Daga sinadaran gilaikol ake haɗa shi. Ƙwayoyin wannan sinadari suna da wani gefe mai irin ginin ƙwayar ruwa, saboda haka duk inda suka haɗu da ruwa sai su kama juna. Kowa zai iya gwadawa: zuba baƙin mai a kofin ruwa zai taso sama ya zauna, zuba man birki kuwa zai narke ya ɓace a ciki. Kuma ba sai an zuba masa ruwa ba, daga iska ma yana jawo laima, kamar yadda gishirin da aka bari a buɗe da damina yake jiƙewa ba tare da ɗigo ya taɓa shi ba.

Mutum zai ce to me ya sa masu ƙera mota suka zaɓi man da ke shan ruwa? Da gangan suka yi, kuma ina ganin sun yi daidai. Ko wane irin mai aka zuba, laima sai ta shiga layin birki. Idan man ba ya karɓar ruwa, ruwan zai taru wuri ɗaya ya gangara zuwa mafi ƙasan layi, wato kalifa, wurin da ya fi ko'ina zafi. Can zai zauna tsagwaronsa, ya tafasa a digiri 100, ya cinye ƙarfen da ya kwanta a kai, a ƙasashen sanyi kuma ya daskare ya toshe layi. Man gilaikol yana raba ruwan ne a cikin jikinsa gaba ɗaya, ya hana shi yin ɓarna farat ɗaya. Farashin wannan kariya shi ne man yana rage ƙarfi sannu a hankali, kuma dole wata rana a zubar da shi tare da ruwan da ya tara.

Akwai man da ba ya shan ruwa, shi ne DOT 5, na silikon, wanda ake rina shi launin shunayya. Ana amfani da shi a wasu motocin soja da tsofaffin motocin da ake ajiyewa don tarihi. Bai dace da mota mai ABS ba, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an taka birki da ƙarfi, kuma ba ya haɗuwa da sauran. A kula, DOT 5.1 ba ƙanensa ba ne duk da kamannin lamba. Shi gilaikol ne kamar DOT 3 da DOT 4.

Hanyar farko da laima ke bi ita ce murfin kwano. Dole kwanon ya yi numfashi, domin mai yana sauka yana hawa duk lokacin da aka taka, yana kumbura da zafi yana tsukewa da sanyi, kuma yana raguwa a hankali yayin da fad ke cinyewa fiston na ƙara fitowa. Murfin yana da 'yar ƙaramar kafa saboda wannan. Motoci da yawa suna da roba a ƙarƙashin murfin da ke raba iska da mai, amma tana tsufa, wani lokaci ma ta ɓace a hannun yaran gareji. A motar da muke magana, robar ta bushe ta tsage a gefe.

Hanya ta biyu ita ce wadda mutane ke wuyar yarda da ita: tiyoyin roba da ke haɗa bututun ƙarfe da kowace taya. Roba tana hana mai fita, amma tururin ruwa yana ratsa ta kaɗan kaɗan, dare da rana, ko mota tana tafiya ko tana ajiye. Waɗannan tiyoyi suna zaune ne a inda ruwan sama da taɓo ke dukansu, kuma dab da kalifa suke. Shi ya sa man ƙasa ya fi na sama jiƙa ko da ba a yi ƙari ba.

Ta uku kuwa mu ne da hannunmu. Kwalbar da aka fasa aka zuba rabi, aka jefa saura a bayan mota ko kan kanta wata shida, ta riga ta fara shan laima kafin ta ga kwano. Haka masu wankin mota da ke nufar injin da ruwa mai ƙarfi, da bakaniken da ke barin kwano a buɗe yini guda yana wani aikin.

Wasu direbobinmu na Arewa suna cewa wannan matsalar mutanen Legas da Fatakwal ce, mu nan ƙasar bushe take. Gaskiya ne da hunturu iska ba ta ɗauke da laima sosai, kuma man motar da ba ta barin Katsina ko Maraɗi zai fi jinkirin jiƙa a kan na bakin teku. Amma damina tana zuwa kowace shekara, a Jos ma tana daɗewa tun daga Afrilu har Oktoba, kuma ruwan da ya riga ya shige kalifa a Agusta bushewar Janairu ba za ta zaƙulo shi ba. Sannan motar Kwatano ba daga kamfani ta zo mana ba. Ta yi shekarunta a Turai, ta hau jirgin ruwa, ta zauna a bakin teku tana jiran mai saye. Man da ke cikin wannan motar zai yiwu ya girmi shekara huɗun da direban ya sani nesa ba kusa ba.

Abin da ruwa ke yi wa mai

Birki yana aiki ne saboda abu mai ruwa ruwa ba ya matsuwa. Ƙarfin ƙafarka yana bi ta cikin mai ya isa fiston ba tare da ya ɓace a hanya ba. Tururi kuwa yana matsuwa. Da zarar kumfar tururi ta samu a layi, duk takawar da ka yi ita za ta shanye, fad bai ji komai ba. Saboda haka babban abin da ake nema ga man birki shi ne ya jure zafi bai tafasa ba.

Haruffan DOT taƙaicen sunan ma'aikatar sufurin Amurka ne, kuma ƙa'idarta mai lamba 116 ta gindaya wa kowane mai ma'auni biyu: zafin da zai jure yana sabo, da wanda zai jure bayan ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari. DOT 3 sabo kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, jiƙaƙƙe kuma 140. DOT 4 daga 230 ne zuwa 155. DOT 5.1 daga 260 zuwa 180. A duba DOT 4 kawai: ruwan da bai kai cokali uku a cikin lita guda ba ya sauke shi da digiri 75. Kuma saukar ba a hankali take farawa ba, kashi ɗaya da biyu na farko su suka fi yi masa illa.

Man motar nan gauraye ne, domin ƙarin da aka yi mata da DOT 3 aka yi, kuma ruwansa ya kai kashi 4 ko ya wuce. Ana iya ɗauka yana tafasa ne a tsakanin digiri 140 da 155. A cikin gari wannan ya isa. Tsakanin Terminus da Bukuru za ka taka ka saki, ƙarfe ya huce, man ba zai kusanci wannan zafi ba. Wannan ne ya sa matsalar take ɓoye shekaru: direba yana jin birkinsa garau kullum, sai ranar da ya fi bukatarsa.

A ga yawan zafin da gangare ke haifarwa. Mota da fasinja da kaya, a ce kilo 2,200. A ɗauka ta sauko mita 300 a tsaye, abin da ba shi da yawa ga mai barin tudun Jos, garin da ke sama da teku da wajen mita 1,200. Ƙarfin da dole a kashe shi ne nauyi sau 9.8 sau tsawon saukar, wato kusan miliyan 6.5 a ma'aunin ƙarfi da ake kira jul. Idan birki kaɗai aka bar wa aikin, duk wannan zafi zai koma. Ƙafafun gaba suna ɗaukar kamar kashi 70, wato wajen miliyan 4.5. Dis biyu na gaba, kowane kamar kilo 8 na ƙarfen zubi, suna bukatar jul 7,400 ne kawai su ƙara digiri ɗaya. In da iska ba ta kwashe komai, da sun ƙara digiri 600. Iska tana kwashe wani kaso, amma ba ta kamo yawan da ake zubawa, musamman idan ƙafa tana kan feda ba ɗagawa. Tsakanin wannan ƙarfe mai zafi da man birki babu komai sai kaurin fad da bakin fiston, kuma fad da ya ci rabi ya fi saurin miƙa zafi. Ba abin mamaki ba ne man cikin kalifa ya haura digiri 150 a irin wannan sauka. Sabon DOT 4 zai wuce da sauran tazara mai yawa. Man motar nan ba shi da ita.

Da muka ƙara tambaya, direban ya faɗa mana ya saki motar a firi ne daga saman gangaren. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 wannan ɗabi'a ta yawaita, kowa yana lissafin lita, kuma ban ga laifin mai lissafi ba. Sai dai a motar zamani mai injekta, idan tana cikin giya kuma ƙafa ba ta kan totur, kwamfuta tana yanke fetur gaba ɗaya, alhali a firi injin yana shan na silo. Wato bai rage ko ɗigo ba, ya dai cire injin daga aikin riƙe mota ya ɗora wa birki duka.

Saura tambaya guda: me ya sa birkin bai shanye ba yana kan takawa, sai da ya ɗaga ƙafa ya sake? Saboda matsi yana hana tafasa. Muddin ƙafa tana kan feda, man cikin kalifa yana cikin matsi mai ƙarfi, zai iya wuce ma'aunin tafasarsa bai yi tururi ba. Da aka ɗaga ƙafa matsin ya tafi, nan take man ya tafasa, tururin ya tura wani sashe na man ya koma kwano ta kafar masta da ta buɗe. Takawa ta gaba sai ta tarar da tururi. Bugawar da ya yi da sauri ta matse kumfar ta turo sabon mai, shi ne ɗan kamun da ya samu. Da ƙarfe ya huce tururin ya koma ruwa ya sake narkewa a cikin mai, shaidar ta ɓace. Saboda wannan dalili ne wani lokaci birki ke shanyewa bayan an tsaya a ƙarshen gangare na minti biyu ko uku: iska ta daina kaɗawa, zafin dis ya ci gaba da kwarara cikin kalifa.

Ruwa yana da ɓarna ta biyu mai tafiya a hankali. Sabon mai yana ɗauke da magungunan hana tsatsa, kuma suna ƙarewa da shekaru da zafi. Bututun ƙarfe na birki yana da jan ƙarfe a gininsa, shi ne ke fara narkewa cikin mai, shi ne ratsin koren da muka gani. Akwai 'yar takardar gwaji da ake tsomawa don auna shi, kuma idan ya kai kashi 200 cikin miliyan ana ɗaukar man ya gama aiki. Daga nan tsatsa take kama fiston da cikin masta da ƙananan bawul na akwatin ABS. A motar nan fiston ɗin kalifar gaba ta dama ya fara ramuka, ba ya komawa sosai, wato fad ɗin yana ɗan goga dis ko ba a taka ba, yana ƙara zafi a kan zafi. Mun canza shi da robobinsa. Kuɗin akwatin ABS guda ɗaya zai sayi man birkin shekaru masu yawa.

Yadda aka yi aikin

Mun sayi lita guda na DOT 4, shi ne abin da aka rubuta a murfin kwano, kwalba a like da hatiminta. Muka goge kewayen murfin kafin buɗewa, muka zuƙe tsohon man kwano da sirinji muka bar ɗan kaɗan a ƙasa don kada iska ta shiga masta, muka cika da sabo. Muka sa guntun katako a ƙarƙashin feda. Wannan katako yana da muhimmanci ga tsohuwar mota: a aikin yau da kullum fiston ɗin masta ba ya kaiwa ƙarshen bututunsa, can kuwa datti da tsatsa suke taruwa, in aka tura roba ta bi ta kansu sai ta yage. Masta da yawa da ake cewa ta mutu bayan cire iska, a nan aka kashe ta.

Muka fara da tayar da ta fi nisa da masta, baya ta dama, sannan baya ta hagu, gaba ta dama, gaba ta hagu. Yawancin motoci haka ne, amma wasu suna da nasu jerin, Honda misali, don haka a duba littafin mota. A kowace taya an sa siririn tiyo mai garai garai a kan nifil, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai. Yaro ya taka ya riƙe, a kwance nifil, mai ya fita, a ɗaure kafin ya saki. Haka ake maimaitawa har baƙi ya ƙare, fari mai ruwan zuma ya fito ba kumfa, ƙasa da rubu'in lita a kowace taya. Bayan kowace takawa biyar ko shida a leƙa kwano, kada ya sauka ƙasa da MIN. In ya bushe iska ta shiga akwatin ABS, to sai an nemo kwamfutar da za ta buɗe bawul ɗinsa kafin ta fita. Kulocin motar daga kwano ɗaya yake shan mai, shi ma muka wanke layinsa. Man da ya ɗiga a fenti a wanke shi da ruwa nan take, yana cin fenti.

Da aka gama, gwaji a kalifa ya nuna ƙasa da kashi 1. Muka sa sabon fad da sabuwar robar murfi, muka rubuta wata da shekara a jikin kwano da alƙalamin da ba ya gogewa. Masta kuwa ba mu taɓa ta ba. Da an canza ta kamar yadda ya nema, da an cire iska kaɗan an mayar da taya, tsohon man kalifa ya rage a ciki, direba ya tafi da tabbacin an gyara.

Sau nawa za a canza?

Da kalanda ake lissafin man birki, domin laima ba ta duba mitar tafiya. Marsandi da Fijo suna cewa duk shekara biyu. Kamfanin da ke ƙera Golf ya daɗe yana cewa bayan shekara uku ga sabuwar mota, daga nan duk shekara biyu. Honda tana cewa shekara uku ko nawa aka yi tafiya. Wanda ke da littafin motarsa ya bi shi. Wanda ba shi da shi, kamar yawancinmu, ya riƙe shekara biyu, kuma wannan ya haɗa da motar Alhaji da ke kwana a rumfa ba ta fita sai Juma'a.

Ga motar haya mai ɗaukar kaya da bin gangare, ko mai zuwa Kudu akai akai, shawarata ita ce duk shekara, kuma mafi dacewa a ƙarshen damina. Duk wanda ya sayi motar hannu, Kwatano ce ko ta gida, ya canza man birki a ranar da yake juyen baƙin mai na farko, tunda bai san shekarunsa ba. Idan birki ya taɓa shanyewa saboda zafi, a canza nan take ko watan jiya aka zuba.

Inda akwai abin gwaji, kashi 1 lafiya ne, kashi 2 a fara shiri, kashi 3 a canza. Amma a san iyakarsa. Mai kama da biron nan yana auna yadda lantarki ke ratsa man ne, kuma mai daban daban suna ba shi amsa daban daban, don haka yana iya yin kuskure. Wanda ya fi inganci shi ne na'urar da ke dafa ɗan man ta nuna digirin da ya tafasa. Ko wanne aka samu, a ɗebo daga kalifa. Launi ma ba hujja ba ne: baƙin man birki lallai ya tsufa, amma fari tas yana iya ɗauke da kashi 3 na ruwa, domin ruwan da ya narke ba ya nunawa a ido.

Ana iya zuba DOT 4 a motar da aka rubuta wa DOT 3, amma kada a sauko daga 4 zuwa 3. DOT 4 ya fi jure zafi, sai dai wannan bai ƙara masa tsawon rai ba, shekara biyun nan tana kansa. A sayi ƙaramar kwalba daidai bukata, abin da ya rage kada a ajiye shi don baɗi. Kada baƙin mai ko man giya ko man sitiyari ya kusanci kwano, domin robobin birki suna kumbura su lalace da man fetur kowane iri, gyaran kuma sai an canza kowace roba a layin. Ruwan omo da wasu ke zubawa idan mai ya tsiyaye a daji, ruwa ne tsagwaro mai tafasa a digiri 100. In larura ta sa an yi, a ja motar a hankali zuwa gari mafi kusa a wanke layin gaba ɗaya a ranar. Idan kuma aka ga mai ya sauka a kwano, kafin a ƙara a duba fad da yoyo, don mota ba ta ƙona man birki, saukarsa tana nufin ɗaya daga cikin biyun.

Duk wannan bayani na motoci masu birkin mai ne. Tirela da tanka da manyan motocin da ake yawan jin sun ƙwace a Hawan Kibo birkin iska suke amfani da shi, nasu ciwon daban ne. Kuma sabon mai ba lasisin kwanciya a kan feda ba ne, domin fad yana da nasa iyakar zafin. A gangare mai tsawo ana sa giya ta biyu ko ta uku tun daga sama, mai otomatik ya ja zuwa 2 ko L, a bar inji ya riƙe mota, a taka birki da ƙarfi na ɗan lokaci a rage gudu sosai, sannan a ɗaga ƙafa gaba ɗaya dis ya sha iska kafin takawa ta gaba.